Na kusa gama bautar ƙasa: in karɓi aikin sola ko in jira kamfanin mai?

Sadik_Kubwa:
Assalamu alaikum manyanmu da 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin ya hana ni barci. Na karanta injiniyan lantarki, na fita da 2:2, shekarata 27, kuma saura wata biyu in gama bautar ƙasa a nan Abuja. Wani ƙaramin kamfanin haɗa sola a wajen Gwarinpa, inda nake zuwa taya su aiki ranar Asabar, ya ce in na gama zai ɗauke ni a kan naira dubu 120 a wata. Aikin dai hawa rufi ne, jan waya, ɗaukar batir. Daga Kubwa nake zuwa, kuɗin mota kaɗai zai cinye kaso mai yawa.

Kawuna, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya ce bai biya min kuɗin makaranta shekara biyar don in zama mai hawa kwano ba. Ra'ayinsa in koma in yi digiri na biyu a fannin man fetur, shi zai biya, kafin nan NNPC ko wani babban kamfani ya buɗe ɗaukar ma'aikata. Ba na son in saɓa masa, kuma ni kaina ina jin nauyin abokaina su gan ni da tsani a kafaɗa. Amma zaman jira ma yana ba ni tsoro. Waɗanda ke cikin harkar mai, gas ko sola, don Allah ku faɗa min yadda abin yake a ciki.

Abban_Nana:
Wa alaikumus salam. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Karɓi aikin, ka ci gaba da nema.

Garba_Mararaba:
Ni ina bayan kawunka. Dubu 120 a Abuja ba albashi ba ne, wahala ce. Wanda ya shiga kamfanin mai, albashinsa na wata ɗaya ya fi na shekarar mai sola. Ga Kolmani an fara haƙa a tsakanin Bauchi da Gombe, ga matatar Dangote, ga bututun gas na AKK zai ratsa ta nan kusa da mu. Nan da 'yan shekaru masu takardar man fetur za a riƙa nema ruwa a jallo a Arewa. Yi karatunka.

Injiniya_Fatakwal:
Ƙanena Sadik, shekarata 11 a wannan harka, a ɓangaren na'urorin awo da sarrafa injuna, kuma ni ma lantarki na karanta. Bari in fara da gyara abu ɗaya da mutanen gida ba su cika ganewa ba. In an ce "aikin mai", ba abu guda ba ne. Akwai masu rijiyoyin, irin su NNPC, Chevron, TotalEnergies, Seplat. Su ne albashin da Malam Garba yake magana a kai, kuma ba kullum suke ɗaukar sababbin ɗalibai ba. In sun tashi ɗauka, galibi za ka ga an sa sharaɗin 2:1 da iyakar shekaru, sau da yawa ƙasa da 30. Sai kamfanonin da ke yi musu hidima, masu haƙa, masu gyaran injuna, masu shimfiɗa bututu. A nan yawancinmu muke. Sai kashi na uku, waɗanda ɗan kwangila ke kawowa. Za ka gan su da kaki iri ɗaya da ma'aikacin dindindin, a jirgi ɗaya, suna aiki ɗaya, amma albashi da haƙƙoƙi sun sha bamban, kuma ranar da kwangila ta ƙare shi ke nan.

Yanzu lissafa da kanka. Kana 27. Digiri na biyu a jami'ar gwamnati, in komai ya tafi daidai, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka fito kana 29, ba ka taɓa riƙe aiki ba. Ƙofar sababbin ɗalibai ta kusa rufe maka saboda shekaru, ƙofar ƙwararru kuma ba ta buɗe ba saboda babu gogewa. Wannan tsakiyar ita ce wurin da na ga yara da yawa sun maƙale.

Abu na biyu, kamfanin mai ba ya buƙatar ka zama injiniyan man fetur. Masu nazarin rijiya da abin da ke ƙarƙashin ƙasa kaɗan ne a kowane wurin aiki. Sauran duk masu lantarki ne, masu kanikanci, masu sinadarai, masu awo. Kowane dandamali a teku yana samar da wutarsa da kansa, yana da janareto, taransifoma, manyan injuna masu juyawa da lantarki. Takardar da ke hannunka ta riga ta dace. Abin da ya rage shi ne hannu.

Garba_Mararaba:
Yallaɓai na ji, amma ai Kolmani a gida take. Dole a ɗauki 'yan yankin.

Injiniya_Fatakwal:
Malam Garba, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin Kolmani a Nuwamban 2022. Daga ƙaddamarwa zuwa wurin da ke fitar da mai kullum yana ɗaukar ma'aikata akwai tafiya mai nisa. Ina fata ya tabbata, amma ba zan ce wa yaro ya jingina shekarunsa a kai ba. Matatar Dangote kuwa gaskiya ce, ganga dubu 650 a rana aka gina ta ta tace, tana Lekki a Legas, kuma tana buƙatar masu lantarki da masu awo. Amma tambayar da za su yi masa ba ta digiri na biyu ba ce. Ga irin wadda aka yi min a ganawata ta farko: na'urar auna matsi tana aiko sigina daga miliamfiya 4 zuwa 20, allon yana nuna 12, me ke nan? Amsa, rabin ma'auni. To in ya nuna sifili fa? Wanda bai taɓa riƙe mita ba zai ce babu matsi. Ba haka ba ne, babu matsi 4 yake nunawa. Sifili na nufin waya ta tsinke ko wuta ta ɗauke wa na'urar. Don haka ma aka fara daga 4.

Alhaji_Lugbe:
Salamu alaikum. Tunda maganar sola ake, nawa zai ci a haɗa min wanda zai ɗauki firiza biyu da famfon rijiyar burtsatse? Tun da aka mayar da layinmu Band A kuɗin wuta ya fi ƙarfina.

Abban_Nana:
Alhaji ranka ya daɗe, shawarar aiki yaron nan yake nema. A buɗe wa wannan zance nasa daban.

Inj_Hauwa_Jabi:
A bar Alhaji, ai tambayarsa amsa ce ga Sadik. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka kai yunit ɗin Band A naira 225, mutanen da ba su taɓa tunanin sola ba suka fara tambaya. Kasuwar ta buɗe. Alhaji, ba a faɗin farashi sai an auna kayan, musamman famfon, domin lokacin tashi yana jan wuta ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinsa.

Sadik ƙanena, shekarata bakwai ina tsara sola, yanzu ina ɓangaren ƙananan tashoshin wuta na ƙauyuka. Kawunka yana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma kada ka raina ta. Akwai wanda zai shekara biyar yana hawa rufi, ya sauko bai san komai ba sai ɗaure ƙusa da haɗa ja da baƙi. Wannan ba aikin injiniya ba ne, yaron da ya gama sakandare zai koya a wata uku, kuma zai karɓi rabin kuɗinka. Injiniya shi ne wanda ya san dalilin da ya sa aka sa fanel shida ba huɗu ba, kuma in abu ya lalace zai gano musabbabi da mita, ba da canke ba.

Bari in gwada ka da tambayar da nake yi wa masu neman aiki a wurinmu. Gida a Abuja yana cin yunit 10 a rana, 6 daga ciki da dare. Mai gida ba ya son dogaro da wutar gwamnati. Wani ya kawo masa batir na ruwa guda huɗu, kowanne 12V 200Ah, da fanel mai wat 550. Batiran sun isa? Fanel nawa za ka sa? Amsa a nan, kada ka ji kunya.

Sadik_Kubwa:
To Anti, bismillah. Batir huɗu a jere sun ba da bolt 48, sau 200, wato yunit 9.6. Dare na cin 6, saboda haka sun isa har da saura. Fanel kuma, Abuja na samun kamar awa 5 na rana mai ƙarfi, 10 a raba da 5 ya ba da kilowat 2. Fanel huɗu sun ba da 2.2. Ina ganin huɗu sun wadatar.

Inj_Hauwa_Jabi:
Lissafinka na aji daidai ne, kuma da shi ake kashe wa mutane batir a garin nan kullum. Mu bi shi a hankali.

Batirin ruwa ba a zuƙe shi ƙasa da rabi in ana so ya yi ƙarko. Ke nan daga 9.6 ɗin nan, abin da kake da shi na amfani 4.8 ne. Sannan inbata tana cin nata, kusan kashi 10 cikin 100, saboda haka kafin gidan ya samu yunit 6 sai an zaro wajen 6.7 daga batir. Wato kowane dare kana zuƙe kusan kashi 70 cikin 100. Zai yi aiki a watannin farko, mai gida ya yi ta sa maka albarka. Daga nan inbata ta fara kuka da asuba, bayan wata biyu ta koma ƙarfe uku, sai ƙarfe ɗaya na dare. Sai a ce batirin jabu ne, alhali tsarin ne ya kashe shi. Mafita ko dai a ninka batiran su zama takwas, ko a koma na litiyam mai 51.2V 200Ah, wanda ke da yunit 10 da ɗoriya kuma ana iya cin 8 daga ciki ba tare da an cutar da shi ba.

Fanel kuma, awa 5 matsakaicin shekara ne. Ba a yi wa gida tsari da matsakaici, da mafi munin wata ake yi. A Abuja wannan watan Agusta ne, hadari ya rufe sama, ka ɗauka awa 4. Kuma fanel mai wat 550 ba ya ba ka 550 a kan kwano mai zafi. Zafi, ƙura, waya, caji da sauke caji, duk suna ci. Ni ina ɗaukar kashi 75 cikin 100 ne zai iso. Fanel huɗunka ke nan: 2.2 sau 4 sau 0.75, yunit 6.6, gida kuma na neman 10. Duk damina batirin ba zai cika ba ko sau ɗaya, kuma batirin ruwa da ke kwana ba a cike ba, faranta suna yin gishiri, ba ya komawa daidai. In ka juya lissafin, 10 a raba da 3, wato 4 sau 0.75, ya ba da wajen kilowat 3.3, fanel shida ke nan.

Ban faɗi wannan don in kunyata ka ba. Cikin masu digirin da ke zuwa wurina, da yawa amsarka suke bayarwa. Abin da nake so ka gani shi ne, a cikin aikin nan da ake rainawa akwai injiniyanci na gaske, in ka samu mai koya maka.

Dan_Faranfada_Jos:
Hajiya kin yi bayani, Allah ya ƙara basira. Ni ba ni da digiri, a hannu na koya, shekara tara ina haɗa sola a Jos da Bukur. Amma ni a ganina duk wannan lissafi na masu ofis ne. A Jos sanyi ne da mu, fanel ya fi ba da wuta, batir ya fi daɗewa. Mu dai mukan ƙara fanel ɗaya a kan abin da ido ya gani, kuma aiki na tafiya.

Inj_Hauwa_Jabi:
Malam, rabin maganarka gaskiya ce, sanyi na taimakon fanel, zafi kuma shi ke rage wa batir kwana. Amma sanyin nan yana da tarko. Duba takardar da ke manne a bayan fanel mai wat 550, za ka ga Voc, wato bolt ɗin da yake bayarwa in ba a jona masa komai ba, wajen 49.9. An auna shi ne a zafin digiri 25. Duk sanda zafi ya sauka, bolt ɗin hawa yake yi. Ka jera uku, ka samu 149.7, na'urar cajinka an rubuta mata iyakar 150, ka ce ai da saura. Safiyar hunturu a Jos, awon zafi ya sauka zuwa digiri 10, bolt ɗin zai ƙaru da kusan kashi 4 cikin 100, ya doshi 156. Ka taɓa samun na'urar caji ta ƙone a Disamba ko Janairu ba tare da tsawa ko ruwa ba?

Dan_Faranfada_Jos:
Wallahi sau biyu, duka a Rayfield, kuma duka da hunturu. Na ɗauka kayan ne marasa kyau, har na daina saye a wurin mutumin. Zan koma in duba jerin. Amma duk da haka ina nan a kan cewa yaron ya fara hawa rufin. Na ga masu digiri da ba su iya matse kan waya ba. Inbata mai kilowat 5 a kan bolt 48 tana jan sama da amfiya 100, in kan wayar batir bai matsu ba zafi yake yi har roba ta narke. Wannan ba a koyonsa a kwamfuta.

Inj_Hauwa_Jabi:
A nan kam ba mu da saɓani ko kaɗan.

Umar_Nyanya:
Ni gargaɗi zan yi, tunda an ambaci jiran kamfanin mai. Shekara uku na yi ina jira bayan bautar ƙasa. A shekara ta biyu wani ya haɗa ni da mutumin da ya ce yana da gurbi, aka ce in kawo dubu 800. Mahaifiyata ta sayar da filinta na gado. Aka ba ni takarda mai tambari da sa hannu, na ɗinka kaya, na je ranar da aka rubuta. A bakin ƙofa mai gadi ya duba takardar ya ce ni ne na huɗu da ya zo da irinta a makon. Har yau ban iya kallon idon mahaifiyata in zancen filin ya taso. Zaman jira shi ke sa mutum ya faɗa hannun irin waɗannan, domin kullum gida ana tambayarka ina labari. Yanzu ina gyaran janareto a wata masana'anta, da na fara tun farko da na yi nisa.

Abban_Nana:
Allah ya mayar da alheri, Umar. Allah ya saka wa Mama.

Injiniya_Fatakwal:
Amin. Kuma akwai wani nau'in asarar da ba damfara ba ce amma kuɗi ne ke tafiya. Yara na cin bashi su yi kwas ɗin BOSIET, na koyon tsira a teku, tun ba su da aiki. Takardar shekara huɗu take yi ta mutu, kuma kamfanin da ya ɗauke ka zai tura ka teku yakan biya maka. Abin da zan ce Sadik ya yi tun yau shi ne ya sa sunansa a rumbun NOGIC JQS na NCDMB, hukumar da ke kula da shigar 'yan ƙasa harkar mai, domin daga nan ake zaɓen waɗanda ake ba horo. In kawu na son biyan wani abu, ya biya masa kwas ɗin PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injunan masana'anta, da na'urorin awo. Wannan ilimin yana ci a matatar mai, a masana'antar siminti, a kamfanin lemo, a tashar wuta.

Zainab_Gwagwalada:
Don Allah ni ma a duba tawa. Injiniyan sinadarai na karanta, kuma iyayena ba za su bar ni in tafi Fatakwal ko Legas ba. Akwai abin da zan samu a harkar gas a nan kusa?

Bello_Gas:
'Yar uwa, AKK na zuwa. Kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, ta Abuja da Kaduna. Da zarar gas ya fara gudana, aiki sai wanda kika zaɓa.

Injiniya_Fatakwal:
Malam Bello, a yi hattara da wannan zance. Bututu yana cin mutane da yawa lokacin shimfiɗa shi, masu walda, masu tono, masu gwajin ɗinkin walda. Da an binne shi, mutane kaɗan ke kula da shi daga tashoshi. Ayyukan da za su daɗe suna wurin masu shan gas ɗin ne, tashoshin wuta, kamfanonin taki, masana'antu, kuma su sai an gina su tukuna. An ƙaddamar da aikin bututun tun 2020, ka ga irin lokacin da waɗannan abubuwa ke ɗauka.

Zainab ƙanwata, abin da ke ƙasa yanzu a Abuja shi ne tashoshin gas na girki da na CNG na motoci. Suna buƙatar mai kula da lafiyar aiki da bin ƙa'ida, kuma mai ilimin sinadarai ya dace da wannan. Tukunyar CNG tana ɗaukar matsi har 200 a ma'aunin bar, ninkin-ba-ninkin na tukunyar girki, shi ya sa tukunyar da aka yi wa walda a bakin titi take kashe mutane. Sannan hedikwatar NMDPRA da NUPRC, hukumomin da dokar man fetur ta 2021 ta kafa a madadin DPR, duk a Abuja suke. Ki riƙa bin sanarwarsu ta hukuma.

Bello_Gas:
Na karɓi gyara a kan bututun. Amma CNG ɗin ma ai kanikawa ne ke cin kasuwar juya motoci, ba masu digiri ba.

Malam_Tanko_Wuse:
Na yi shekara 31 a harkar wutar lantarki tun zamanin NEPA kafin in yi ritaya. 'Ya'yana, ina mamakin yadda aka yi ta magana ba wanda ya ambaci layin wuta kansa. Sola da gas duk a waya suke ƙarewa. Wanda ya iya saita na'urorin kariya na tashar 33kV, ya iya gwada taransifoma, ba ya rasa aiki, kuma masu wannan hannun tsufa muke yi. Cibiyar horar da ma'aikatan wuta ta NAPTIN na koyar da shi. Sadik, ka gaya wa kawunka da ladabi cewa mu ma da hawa turke muka fara. Kuma duk inda za ka, ka tambaya ko akwai injiniya mai rajistar COREN, hukumar injiniyoyi, da zai sa hannu a kan ayyukanka, domin bayan shekara huɗu za ka nemi taka rajistar, kuma za a tambaye ka abin da ka tsara da wanda ya duba ka.

Garba_Mararaba:
Baba, da girmamawa, duk wannan bai canza dubu 120 ba. Yaron nan zai yi aure, zai kama haya. Ko ɗaki ɗaya a Kubwa nawa ne yanzu? Ana ta ba shi lissafin batir, ba a ba shi lissafin cefane ba.

Inj_Hauwa_Jabi:
Gaskiya ne Malam Garba, kuɗin ya yi kaɗan, ba zan ɓoye ba. Kuma sola ba ta kai kamfanin mai albashi, ko a sama. Abin da zan ce, kada ya karɓa ido rufe. Sadik, kafin ka amsa musu, ka tambayi mai kamfanin wa ke yin lissafin tsari kafin a je aiki, kuma zai bar ka ka zauna tare da shi? Ka nemi ganin zanen waya na aikin da suka gama kwanan nan. In babu zane ko ɗaya, komai a ka ake yi, to shago ne, ba za ka koyi abin da ya wuce wata shida ba. Ka duba ko suna sa fiyus tsakanin batir da inbata, suna kafa sandar ƙasa, suna sa abin kare tsawa. Ka duba ko akwai igiyar ɗaure jiki ta hawa rufi. Na san yaron da ya zamo daga bene a kan raɓar safiya, har yau yana ɗingishi, kuma ba wanda ya biya masa asibiti.

In wurin ya ci wannan jarrabawa, ka ba shi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kowane aiki ka ajiye hoto, zane, lissafinka, da abin da mita ta nuna bayan wata uku. Da dare ka koyi manhajojin tsari da zane, PVsyst da AutoCAD, in ka samu dama da HOMER. Da wannan fayil ɗin ake tsallakawa zuwa kamfanonin da ke yi wa masana'antu da asibitoci, ko masu tashoshin ƙauye da ke aiki da REA, hukumar samar da wuta a karkara. A can matsalolin daban ne. Mun taɓa gina tasha a wani ƙauye bisa alƙawarin masu injin niƙa uku cewa za su bar dizal. Biyu suka fasa, don sauya injin zuwa na lantarki kuɗi ne da ba su da shi. Rana tsaka wuta na zuba ba mai sha, da dare kowa ya kunna fanka batir ya ƙare. Ba wayar da muka haɗa ba daidai ba, mutane ne ba mu karanta da kyau ba.

Injiniya_Fatakwal:
A nan ne ni da Hajiya za mu ɗan rabu. In burinsa mai ne, sola ta gidaje ba za ta kai shi ba. Mai ɗaukar aiki a wurinmu in ya ga shekara biyu ta inbata mai kilowat 5, ba ya ƙirga ta sosai. Gara masana'anta, ko da ta ruwan leda ce, inda zai taɓa injin lantarki mai layi uku, allon sarrafawa da janareto babba. Daga can hanya ta fi miƙewa.

Inj_Hauwa_Jabi:
Ban musa ba, in burinsa mai ne. Amma masana'antar ba ta ba shi aiki ba tukuna, masu sola ne suka ba shi. Kuma manyan ayyukan sola na masana'antu ai layi uku ne, da haɗa su da janareto.

Sadik_Kubwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Jiya Asabar na je aiki, na yi tambayoyin Anti Hauwa. Mai kamfanin da kansa yake lissafi a Excel, ya nuna min, kuma ya ce zai bar ni in riƙa yi yana dubawa. Zane kuwa sai babban aiki suke yi. Fiyus suna sawa, igiyar rufi guda ɗaya ce ga mutum biyar. Ba shi da rajistar COREN, ya ce akwai wanda ke sa musu hannu in an buƙata. Na kuma duba gidan da muka haɗa a Dawaki watan jiya, fanel uku ne a jere a kan na'ura mai iyakar 150. Na gaya masa, ya yi shiru, ya ce Litinin mu koma.

Kawu ban same shi da maganar ba tukuna. Ina tunanin in roƙe shi kuɗin digirin ya mayar da wani ɓangare kan kwas ɗin PLC. Yallaɓai Injiniya, kwas ɗin wata nawa ne ya isa a ce mutum ya fara iyawa, kuma ana iya haɗa shi da aiki?

Malam_Tanko_Wuse:
Kada ka je wa kawunka kai kaɗai. Ka nemi wani babba da yake jin nauyinsa ku tafi tare. Batun mai sa hannun nan kuma bai kwanta min ba, ka bincika ko yana zuwa wurin aikin ko daga ofis yake buga hatimi.

Garba_Mararaba:
Ni dai har yanzu ina ganin in ana biya maka karatu kyauta ba a ƙi. Ko ba na man fetur ba, ya yi na lantarkin a ƙarshen mako.

Dan_Faranfada_Jos:
Hajiya Hauwa, na duba na Rayfield ɗin, uku ne a jere kamar yadda kika ce. In na mayar da su biyu-biyu, wayar da ke saukowa daga rufi mai 4mm ce, za ta ɗauka ko sai na canza?